Baiti Biyu Don Ɗan Ci-rani

Da an gama girbi, matasan karkarar Maraɗi da Katsina kan nufi Legas ci-rani, wasu gadi, wasu ga-ruwa. Addu'ar da ake waƙe wa irin wannan matafiyi gajera ce, don ya haddace ta yana bakin aiki. Ƙwar biyu ta wadatar, amsa-amonta “na”:

Ya Rabbi ga bawanka a nesa,
Tsare shi dare da rana.
Ka sa guminsa ya zam halali,
Ya dawo gida kafin damina.

Tsari ake fara roƙo, domin sau da yawa a bakin shago yake kwana. Ambaton damina kuwa yana yanka wa begensa wa'adi: gona tana jira. A ganina kuskure ne a cika baitin da roƙon dukiya, don kunyar komawa hannu rabbana ce ke riƙe wasu shekaru a Kudu.