Kafin a Haƙa Harsashi: Yadda Safiyo Ke Sauke Kusurwoyin Gini a Ƙasa

Mai gida da ya je filinsa ranar da safiyo ya gama aiki, abin da zai tarar bai taka kara ya karya ba: turaku huɗu na katako, kowanne da ƙusa a kansa. Amma a kan ƙusoshin nan birkila zai ja zare, a bisa zaren za a haƙa harsashi, kuma duk karkatar da ta shiga nan ba ta fita. Sai ranar shimfiɗa tayil ko ɗora rufi za ta bayyana, lokacin da gyara ya zama rusau.

Na'urar da ake wannan aiki da ita, wadda ake ganin an kafa ta a kan ƙafa uku a wuraren gini, sunanta total siteshan. Aiki biyu take yi a lokaci guda. Tana auna kwana, tana kuma auna nisa ta hanyar aika haske zuwa wani ɗan madubi da ake kira firizim, wanda mataimakin safiyo ke riƙe da shi a kan sanda. Hasken ya je ya dawo, ita kuma ta lissafa tazarar har zuwa milimita. Abin da ba ta sani ba shi ne inda take tsaye da inda take fuskanta. Wannan sai an gaya mata, kuma mafi munin kurakurai daga nan suke fitowa.

Kowane ɗigo a fili yana da lambobi biyu da ake kira kodinet: nawa ya yi gabas, nawa ya yi arewa, daga wani mafari da aka amince da shi. A fuskar na'ura ana ganinsu da haruffan E da N. Mu ɗauki gida mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15, tsawonsa ya miƙa gabas. A gefen filin an riga an kafa shaidu biyu na kankare da aka san lambobinsu, T1 da T2. Ga yadda takardar aikin za ta kasance:

```
     E          N
T1   1000.000   1000.000
T2   1000.000   1060.000
A    1010.000   1010.000
B    1030.000   1010.000
C    1030.000   1025.000
D    1010.000   1025.000
```

Tun kafin a fita rana, akwai tambayar da ya kamata safiyo ya yi wa injiniya: waɗannan lambobi na bayan bango ne, ko na tsakiyar ginshiƙi? Idan bangon bulo mai inci tara ne, bambancin ya haura santimita 11 a kowane gefe. Na'ura za ta sauke duk abin da aka ba ta ba tare da musu ba.

A fili, safiyo yana kafa na'urar daidai saman ƙusar T1, ya daidaita ƙafafun har kumfar lebur ta zauna tsakiya, ya shigar da lambobin T1. Yanzu ta san inda take. Sai mataimaki ya je ya tsaya da firizim a kan T2, safiyo ya saita shi a cikin madubin hange, ya shigar da lambobinsa. Wannan mataki shi ne na'ura ke rubutawa Backsight, kuma da shi take gane ina ne arewa. A nan mai lura yakan dakata ya auna nisan T2. Takarda ta ce mita 60. Idan na'ura ta ce 60.002, ba laifi. Idan ta ce 60.030, to akwai magana: ko dai wani ya taɓa shaidar, ko kuma an bar saitin firizim ba daidai ba, domin wasu firizim ɗin gyaransu sifiri ne, wasu kuwa ana cire musu milimita 30.

Daga nan sai a shiga sashen Stakeout a zaɓi kusurwar A. Lissafin da na'urar ke yi ba sihiri ba ne. A tana gabas da T1 da mita 10, tana arewa da shi da mita 10, don haka sai a juya digiri 45 daga arewa, a tafi mita 14.142. Kusurwar C kuwa, mita 30 gabas da 25 arewa, ta kama digiri 50 da minti 11 da daƙiƙa 40, nisa mita 39.051. Safiyo ya juya na'ura har ta nuna an hau layi, ya yi wa mataimaki ishara da hannu ya shiga layin, ya auna. Na'ura ta ce saura santimita 40, mataimaki ya ja baya. A sake aunawa, a kafa turke, sannan a sake ɗora firizim a kan turken kansa don a sami daidai inda za a buga ƙusa. Turke yana nuna wajen ne kawai. Ƙusa ita ce kusurwa.

Hannun mataimaki yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Sanda mai tsawon mita 2, idan ta karkata da digiri ɗaya tak, firizim ɗin da ke samanta ya kauce daga tsininta da milimita 35. Shi ya sa a awon ƙarshe ake rage tsawon sandar, ko a yi amfani da ƙaramin firizim da ke zama dab da kan turke.

Turaku huɗu sun kafu. Yanzu ne za a ajiye na'ura a ɗauko tef na ƙarfe, kuma a ganina wannan shi ne sashen aikin da bai kamata a yafe wa kowa ba, komai tsadar na'urarsa. Dalili shi ne, in aka sake auna turakun da na'urar da ta kafa su, daga inda ta kafa su, kuskuren da ta yi ɗazu shi za ta maimaita. Tef kuwa shaida ne na daban.

Ana auna gefuna huɗu, sannan a auna dayagonal, wato layi biyun da suka ratsa tsakiyar ginin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta: A zuwa C, da B zuwa D. Tsawon da ya kamata a samu yana fitowa daga ƙa'idar Fitagoras, wadda maginanmu suka daɗe suna aiki da ita da sunan uku, huɗu, biyar. A nan 20 sau 20 ya ba da 400, 15 sau 15 ya ba da 225, jimla 625, wanda shi ne 25 sau 25. Kowace dayagonal dole ta zama mita 25.

A ce an auna, B zuwa D ya ba da 25.000, amma A zuwa C ya ba da 25.032. A gefuna kuma, uku sun yi daidai, sai D zuwa C ya ba da 20.040. Ba sai an tumɓuke turaku duka ba. Layuka biyun da suka saɓa, a wace kusurwa suka haɗu? A C. Ƙusar C ce ta matsa gabas da santimita 4, wataƙila sanda ta karkata, ko turken ya goce sa'ad da ake buga shi. Sai a koma na'ura a sake sauke C ita kaɗai.

Akwai wanda ya fi wannan ɓuya. Idan C da D duka suka matsa gabas da santimita 4, gefuna huɗun za su ba da 20 da 15 cif, wanda ya tsaya a kan gefuna kawai zai naɗe tef ya tafi. Amma ginin ya riga ya kishingiɗa. Dayagonal ce kaɗai za ta tona: ɗaya 25.032, ɗaya 24.968, bambancin milimita 64. A ɗaya ɓangaren kuma, dayagonal biyu su zo daidai da juna bai isa hujja ba. Idan bangon baya ya gajarce daidai wa daida ta gefe biyu, za su yi kunnen doki alhali ginin ba sukwaya ba ne. Don haka ana gwada kowacce da lambar da lissafi ya bayar, tare da gefuna huɗun. Iyakar saɓanin da za a lamunta, takardar sharuɗɗan aikin ce ke faɗa. Ga gida irin wannan, ni dai duk abin da ya kai santimita ɗaya ba na ganin ya kamata a wuce shi ba a bincika ba.

Shi ma tef yana da sharuɗɗansa. Lambobin takarda na shimfiɗaɗɗen nisa ne, don haka in fili yana da gangare, A ta fi C tudu da mita ɗaya, tef da aka kwantar a ƙasa zai ba da 25.020 ko da ƙusoshin suna daidai. Sai a ɗaga shi ya miƙe, a sauke awon da zaren ma'auni. Tef na leda ko na zare yana talewa, ba na wannan aiki ba ne.

To amma ga abin da dayagonal ba za ta taɓa faɗa ba. Siffar gini take tabbatarwa, ba mazauninsa ba. A ce motar yashi ta ture T2 gefe da santimita 5 ba wanda ya lura. Nisan mita 60 zai kusan zama yadda yake, sai dai arewar da aka nuna wa na'ura ta karkace. Dukan kusurwoyin za su juya tare kamar an juya faranti a kan tabarma, C ta matsa da fiye da santimita 3, dayagonal kuwa su ba da 25.000 dukansu. Da a ce an shigar da lambobin wata shaida a madadin T1, ginin zai iya ƙaura da mitoci yana nan da kyakkyawar siffarsa, ya shiga filin maƙwabci ko ya ci hanya. Maganin wannan shi ne shaida ta uku: kafin a kafa turke ko ɗaya, a auna wani ɗigo da aka san lambobinsa, wanda ba a yi amfani da shi wajen saita na'ura ba, a ga ko za ta ba da lambobin da ke takarda. Bayan an gama kuma a sake leƙa T2, a tabbatar ƙafafun na'ura ba su nutse ko sun motsa ba. Auna tazarar gini zuwa iyakar fili da tef shi ma yana kama irin wannan.

Wanda ke aiki da lambobin taswirar ƙasa yana da ƙarin abin lura. Tsoffin takardun filaye da yawa a Najeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, na'urorin tauraron ɗan'adam kuwa sukan ba da lambobi a kan WGS84, kuma saɓanin da ke tsakanin biyun ya kai gomman mitoci. Ba a gauraya su a aiki ɗaya. Sannan tsarin UTM yana ɗan matse nisa a tsakiyar kowane yanki da kashi 0.9996, wato santimita 4 a kowace mita 100. Kano na kusa da tsakiyar yanki na 32, saboda haka bangon da ke da mita 20 a ƙasa zai fito kimanin milimita 8 ƙasa da haka a lambobin taswira. Dole a saita na'ura ta san da wannan, ko kuma a yi abin da masu gini da yawa ke yi: a kafa wa filin nasa lambobin na gida, irin 1000 da 1000 da muka yi misali da su, inda mita a takarda take mita a ƙasa.

Turakun nan huɗu ba za su kwana biyu ba, domin suna zaune ne daidai inda za a haƙa. Saboda haka kafin lebura ya sa diga, ana kafa katakai a kwance a kan turaku, mita ɗaya ko biyu a wajen layin haƙa, a ja zare ya bi ta saman ƙusoshin kusurwa, a buga sabuwar ƙusa a kan katakon inda zaren ya sauka. Duk lokacin da birkila ya ɗaura zarurrukan, inda biyu suka gitta nan ne kusurwa. Bayan an zuba kankaren harsashi, a sauke kusurwoyin a kansa, a sake auna dayagonal kafin a ɗora bulon farko, domin katako ma baro yana bugunsa, ruwan sama yana sassauta ƙasar da ke riƙe da shi.