Daga Sahur Zuwa Shan Ruwa Ba Tare Da Kara Ɗaya Ba

A kwanakin farko na azumi, mutanen kasuwa kan gane mashayin sigari tun kafin azahar. Ga hamma, ga ciwon kai, abu kaɗan ya fusata shi. Galibi akan ɗora laifin a kan yunwa, alhali jikinsa nikotin yake nema, sinadarin da ke cikin taba wanda ƙwaƙwalwarsa ta saba da shi. Malamai kuwa sun haɗu a kan cewa zuƙar hayaƙin taba da gangan yana karya azumi.

A ɗauki misalin direban Adaidaita Sahu a Kano, mai shan kara 15 a rana. Ya kashe ta ƙarshe wajen ƙarfe biyar na asuba, kuma sai bayan awa 13 zuwa 14 zai sha ruwa. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 20 bayan zuƙa, amma ba ya daɗewa: kusan duk awa biyu rabin abin da ke cikin jini yana tafiya. Ƙarfe bakwai saura rabi, ƙarfe tara saura kwata, kafin azahar kuwa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Lokacin ne hankali ke rarrabuwa, fasinja ya yi magana ɗaya a mayar masa da uku.

Abin da yawancin mashaya ba su lura da shi ba shi ne, ƙishin taba ba ya zama wuri ɗaya yini guda. Yakan taso ya yi ƙarfi, sannan ya lafa cikin minti biyar zuwa goma, ko an sha ko ba a sha ba. Aikin mai azumi ke nan: ya tsallake waɗannan mintuna, sau da yawa a rana. Kuma sun fi tasowa a inda aka saba kunnawa. Ga direban nan, wurin shi ne bakin inuwar da yake jiran fasinja. Idan abin ya taso masa a can, gara ya fito daga cikin keken ya taka ƙafa, ko ya je ya yi alwala, ya ja numfashi a hankali ta hanci kamar sau goma. Asuwaki ma yana taimakawa sosai, domin yana ba hannu da baki aikin da suka saba yi, kuma a mazhabar Malikiyya busasshen asuwaki ya halatta ga mai azumi duk tsawon yini.

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani ga wanda ya daina gaba ɗaya, daga nan wahalar ta riƙa raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu.

Sai dai mutane da yawa ba sa samun wannan sauƙin, saboda abin da suke yi da magariba. Ana kiran salla, dabino bai gama sauka ba, an kunna kara uku a jere. Ciki babu abinci, jiki babu ruwa, sai bugun zuciya ya ƙaru, hawan jini ya ɗaga, jiri ya kama mutum. Ga mai ciwon zuciya ko hawan jini wannan ganganci ne. Sannan wanda ya cusa kara 15 ɗin nan tsakanin magariba da sahur ya sake cika tankinsa, gobe zai faro wahalar daga tushe. Abin da ya fi shi ne a sha ruwa, a ci abinci, a yi salla, a jinkirta karan farko gwargwadon iko, kowane dare kuma a rage adadi.

Akwai kuma filastar nikotin da ake mannawa a dantse ko ƙirji, tana sakin sinadarin kaɗan-kaɗan ta fata. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya abin da jiki ke tsotsa ta fata, har da filastar magani, cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Mai shan fiye da kara goma a rana yakan fara da mai miligiram 21, ya sauko zuwa 14, sannan 7. Ana manna ta a busasshiyar fata mara gashi, ana sauya wuri kullum don gudun ƙaiƙayi. Tashin zuciya, jiri da bugun ƙirji alama ce cewa nikotin ya yi yawa, musamman in an haɗa da sigari da dare. Mai ciwon zuciya da mace mai ciki su ga likita tukuna. Cingam na nikotin kuwa sai bayan shan ruwa, domin ana haɗiye yawunsa.