Akwati huɗu da kibiyoyinsu: Yadda ake zana tsarin shagon intanet kafin a fara gina shi

Idan ƙungiyar haɗin gwiwa ta ma'aikatan wata ma'aikata a Abuja ta yanke shawarar buɗe shagon intanet domin mambobinta su riƙa sayen shinkafa da man girki daga wayoyinsu, abin da ɗan kwangila ke fara kawowa gaban kwamiti shi ne hotunan yadda shafin zai kasance: launuka, tambari da maɓallin saye. Amma akwai wata takarda guda da ta fi waɗannan hotuna nauyi, ita ce zanen sassan manhaja. A cikinta ne ake ganin wane sashe ke riƙe da farashi, wane ne ke riƙe da mabuɗin asusun kuɗi, kuma wane ne ke da ikon cewa an biya. Jami'in da ya iya karanta wannan takarda zai iya gano ɓarakar da za ta cinye kuɗin mambobi tun ba a rubuta layin manhaja ko ɗaya ba.

Irin wannan zane yana cikin tsarin zane-zanen manhaja da ake kira UML, wanda ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997. Ƙa'idarsa ba ta da wuya. Kowane sashe da ke da aikinsa na musamman ana ba shi akwati, sannan a ja kibiya daga sashen da ke neman wani abu zuwa sashen da ke bayarwa. Inda babu kibiya, ma'anarsa ita ce waɗannan sassa biyu ba su da izinin magana da juna kai tsaye.

Sassan da ake zanawa

Akwati na farko shi ne fuskar shago, wato shafin da mai saye ke gani a wayarsa ko kwamfutarsa. Abin lura a nan shi ne wannan sashe yana aiki ne a cikin na'urar mai saye, a hannun mutumin da shagon bai sani ba. Duk wanda ke da ɗan ilimin kwamfuta zai iya buɗe shi, ya karanta abin da ke ciki, ya kuma sauya saƙon da yake aikawa. Saboda haka aikinsa nuna kaya da karɓar buƙata ne kawai, ba a ɗora masa amanar komai.

Akwati na biyu shi ne API, wanda ke zaune a sabar shagon. Ya yi kama da magatakardan ofis wanda kowace takarda sai ta bi ta teburinsa. Shi ke tantance mai saye, ya duba ko kaya na nan, ya lissafa kuɗi, ya buɗe oda. Na uku shi ne rumbun bayanai, inda ake adana jerin kaya, farashi, sunayen masu saye da matsayin kowace oda. Na huɗu kuma shi ne sashen biyan kuɗi, ƙaramin ɓangare da aka keɓe domin ya riƙe mabuɗin sirri, ya kuma yi hulɗa da kamfanin da ke karɓar kuɗin.

Shi wannan kamfani, ko Paystack ne, ko Flutterwave, ko Interswitch, ana zana masa nasa akwatin a wajen iyakar shagon. Masu koyo kan haɗa shi da sashen biyan kuɗi su mayar da su akwati ɗaya, kuma hakan na ɓoye abu mafi muhimmanci: ɗaya na shagon ne, yana iya gyara shi, ɗayan kuwa na wasu ne, sai dai a bi ƙa'idarsu. Hukumar gwamnati da ke karɓar kuɗin shiga ta asusun bai-ɗaya na TSA za ta sa Remita a wannan gurbin, amma fasalin zanen bai sauya ba.

Ana iya yin zanen da biro a takarda, ko a manhajar draw.io. Wasu kuma na rubuta shi a matsayin rubutu, manhajar PlantUML ta mayar da shi hoto:

```
@startuml
[Fuskar shago] --> [API] : oda
[API] --> [Rumbun bayanai] : karanta, rubuta
[API] --> [Sashen biya] : fara biya
[Sashen biya] --> [Paystack] : initialize, verify
[Fuskar shago] --> [Paystack] : shafin kati
[Paystack] --> [Sashen biya] : webhook
[Sashen biya] --> [API] : sakamako
@enduml
```

Kibiyoyi bakwai ne, kuma kowacce na ɗauke da sunan abin da ke bi ta kanta. Kibiyar da ba ta da suna ba ta amsa tambayar kowa, domin ba a san ko farashi ne ke wucewa, ko lambar kaya, ko mabuɗi ba.

Buhu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Hanya mafi sauƙi ta gwada zanen ita ce a ɗauki ciniki ɗaya a bi shi kibiya bayan kibiya. A ce wata ma'aikaciya ta zaɓi buhun shinkafa da shagon ya sa wa farashin naira 85,000. Da ta danna maɓallin saye, fuskar shago za ta aika wa API abubuwa biyu: lambar kayan da adadinsa. Ba za ta aika farashi ba. API ne zai je rumbun bayanai ya karanto farashin da kansa, ya buɗe oda mai matsayin jiran biya, ya ba ta lambar shaida wadda ba a taɓa bai wa wata oda ba.

Daga nan API zai miƙa lambar shaidar da adadin kuɗin ga sashen biyan kuɗi. Shi kuma zai yi amfani da mabuɗin sirri ya kira adireshin `/transaction/initialize` na Paystack. A nan akwai wani tarko da ya kamata a rubuta a jikin kibiyar: Paystack na karɓar adadi ne a kwabo. Naira 85,000 za a aika ta a matsayin 8500000. Idan mai rubuta manhaja ya manta ya aika 85000, za a ciri naira 850 kacal daga katin mai saye, kuma cinikin zai nuna ya yi nasara.

Paystack zai maido da adireshin shafin biya, a kai ma'aikaciyar can ta shigar da bayanan katinta. Wannan ita ce kibiyar da ta tashi daga fuskar shago zuwa Paystack, kuma amfaninta shi ne lambar katin ba ta taɓa ratsa sabar shagon ko rumbun bayanansa. Shagon da ya zaɓi karɓar lambobin kati da kansa ya ɗauko wa kansa cikakken nauyin ƙa'idojin PCI DSS na tsaron katunan banki, nauyin da ƙaramin shago ba shi da dalilin ɗauka.

Wa ke cewa an biya

Bayan an cire kuɗin, ana maido da mai saye shafin shago, inda zai ga saƙon godiya. Nan ne zane-zane da yawa ke yin kuskure, su bar fuskar shago ta shaida wa API cewa an biya. Wannan daidai yake da mai kanti ya saki kaya saboda mai saye ya nuna masa hoton alat a waya, ba tare da ya duba asusunsa ba. Tunda fuskar shago na hannun mai saye, zai iya ƙirƙirar saƙon nasarar bai biya ko sisi ba.

Zanen da ya dace yana ba wa kibiya ɗaya wannan iko, ita ce wadda ta taso daga Paystack zuwa sashen biyan kuɗi. Kamfanin na aiko da sanarwa mai suna `charge.success` daga sabarsa zuwa ta shagon, ɗauke da sa hannu a `x-paystack-signature`. Sashen biyan kuɗi zai tantance sa hannun da mabuɗinsa na sirri, ya kuma iya sake tambaya ta `/transaction/verify` da lambar shaidar. Sannan a gwada adadin da ya shigo da wanda ke cikin odar. Sai ya zama 8500000 ne API zai sauya matsayin odar zuwa an biya, ya rage buhu ɗaya daga ajiya.

Wannan kibiya tana magance wata matsalar kuma. Idan sabis ɗin wayar mai saye ya yanke bayan an cire kuɗin, ba za ta koma shafin shago ba. Shagon da ya dogara da dawowarta zai bar odar a jiran biya, alhali kuɗinta ya fita. Alamar wannan ciwo ita ce yawan koken an cire mini kuɗi ban ga kaya ba, da kuma saɓani tsakanin rahoton kamfanin biya da na shagon a ƙarshen wata. Ita kuma sanarwar tana iya zuwa fiye da sau ɗaya, domin Paystack na sake aikowa idan bai samu amsar `200` ba. Don haka dole API ya duba ko an riga an rufe wannan lambar shaidar, in ba haka ba za a rage buhu biyu a kan kuɗin ɗaya.

Kibiyar da bai kamata a gani ba

Idan a zanen aka ga layi kai tsaye daga fuskar shago zuwa rumbun bayanai ba tare da wani shinge da aka bayyana ba, to an tsallake magatakarda, kuma sunaye, lambobin waya da adireshin mambobi na iya faɗawa hannun kowa. Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan mai tattara su, wato ƙungiyar da ke da shagon, ko da ɗan kwangila ne ya gina shi. Haka nan ya kamata zanen ya nuna inda mabuɗai ke zaune. Wanda ya fara da `pk_live_` an yi shi ne domin fuskar shago, amma wanda ya fara da `sk_live_` wurinsa sabar ce, cikin sashen biyan kuɗi kaɗai.

Zanen yana da iyakarsa. Ba ya nuna wane mataki ke riga wane, wannan aikin zanen jerin matakai ne. Ba ya kuma nuna yawan na'urorin da za a saya. Akwati huɗu ba ya nufin sabar huɗu, domin a ƙaramin shago API da sashen biyan kuɗi na iya zama a manhaja ɗaya matuƙar iyakar da ke tsakaninsu na nan. Ɗan kwangilar da ya kafa hujja da yawan akwatuna ya nemi kuɗin na'urori huɗu, sai ya kawo wani dalilin daban.

Kafin kwamiti ya sa hannu a kan biyan kason farko na kwangila, ya isa a shimfiɗa zanen a tebur a nemi wanda ya yi shi ya nuna da yatsa abubuwa uku: inda farashi ke fitowa, inda mabuɗin sirri ke zaune, da kibiyar da ke mayar da oda an biya. Idan ɗaya daga cikin amsoshin ya faɗa kan fuskar shago, a mayar da zanen a gyara, domin sauya kibiya a takarda aikin mintuna ne, yayin da sauya ta bayan shago ya fara ciniki ke nufin sake rubuta manhaja da kuma bin sawun kuɗin da ya riga ya salwanta.