Mota ta lalace a hanya: me za ka rubuta wa manaja?

Duk wanda ke fitowa daga Mararraba ko Nyanya zuwa aiki cikin Abuja ya san safiyar da motar haya ke cijewa a tsakiyar cunkoso, direba ya buɗe bonet, tururi na tashi. A nan ne ma'aikata da yawa ke rubuta wa manaja dogon labarin abin da ya same su, su manta da abin da yake son ji: ƙarfe nawa za ka iso, kuma wa zai riƙe aikinka kafin nan.

Kada ka ambaci lokaci sai ka duba irin matsalar. Idan taya ce ta yi faci kuma akwai safaya, minti 15 zuwa 20 sun isa. Idan kuwa fanbel ne ya tsinke, ko injin ya ɗau zafi har lagireto na zubar da ruwa, kada ka biye wa "yanzun nan za mu tashi" na direba. Sauka ka nemi wata motar, ka lissafa jiranta da sauran tafiyar, ka ƙara minti 15 saboda cunkoso. A ganina gara ka ce ƙarfe 9:00 ka iso 8:45, da ka ce "ina nan tafe" a yi ta zuba ido.

A ce mai kula da sito ne, aiki na farawa ƙarfe 8:00, mota ta tsaya 7:20. Ga abin da zai tura nan take:

"Ranka ya daɗe, barka da safiya. Motar da na shiga ta lalace a Nyanya, ina neman wata. In sha Allahu zan iso ƙarfe 9:00. Makullin sito na hannuna, amma akwai na biyu a wurin akanta, na roƙe shi ya buɗe wa masu ɗaukar kaya. A yi haƙuri."

Jimlar makullin nan ita ce ta fi nauyi, domin ita ke ɗauke wa manaja wahalar neman mafita. In mace ce, sai a ce "ranki ya daɗe" ko "Hajiya".

Saƙon da ya isa 7:25 sanarwa ce, wanda ya isa 8:10 kuwa uzuri ne ake ɗaukarsa. A rubuta shi, kada a yi saƙon murya, don ƙila manaja na cikin mutane. A WhatsApp, alamar maki ɗaya na nufin saƙon bai shiga wayarsa ba, don haka a sake turawa ta tes ko a kira. In 9:00 ta gagara, a tura sabon lokaci tun kafin ta cika.