Buhuna takwas, nau'i biyu: yadda kwamfuta ke nemo zango mafi tsawo

A ce an jera buhuna takwas a bakin shago kamar haka: gero, dawa, gero, masara, masara, gero, wake, masara. An ba ka damar ɗiban buhunan da ke jere kusa da juna, ba tsallake, amma kada nau'in hatsin da ka ɗiba ya wuce biyu. Buhu nawa za ka iya kwashewa a karo guda? Masu rubuta manhaja sun san tambayar nan sarai: a cikin jeri, nemo zango mafi tsawo wanda nau'o'in da ke cikinsa ba su wuce `k` ba. A shafin LeetCode tana nan a lamba 340, inda jerin ya ƙunshi haruffa, sai kuma lamba 904, inda `k` take biyu.

Hanyar da ta fi saurin zuwa rai ita ce a gwada kowane zango a ƙirga nau'o'insa. Da buhu takwas zangunan 36 ne kacal. Amma yawansu yana bin lissafin `n(n+1)/2`, don haka idan jerin ya kai 100,000, zangunan sun haura biliyan biyar. Nan ne ake neman dabara.

Dabarar ita ce a ɗora taga a kan jerin, mai gefe biyu, hagu da dama. Gefen dama yana matsawa gaba ɗaya bayan ɗaya, yana shigo da sabon buhu. Gefen hagu yana tsaye, ba ya motsi sai nau'o'in da ke cikin tagar sun wuce `k`. A gefe guda kuma ana riƙe da ɗan teburin ƙidaya, inda ake rubuta kowane nau'i da adadin buhunansa da ke cikin tagar a halin yanzu.

Mu bi buhunanmu. Ukun farko sun shiga lafiya, teburi yana nuna gero 2, dawa 1, tsawon taga uku. Buhu na huɗu masara ne, nau'i ya zama uku, dole hagu ya matsa. An fitar da buhu na farko, gero ya koma 1. To amma har yanzu akwai gero a cikin tagar, wato buhu na uku, saboda haka nau'i uku na nan daram. An sake fitar da na biyu, dawa ta koma sifili, aka goge ta daga teburi. Yanzu saura gero 1, masara 1. Na biyar da na shida suka shigo ba tare da sabon nau'i ba, teburi ya zama gero 2, masara 2, tsawo huɗu. Da wake ya shigo sai da aka fitar da buhu uku a jere kafin masara ta ƙare, taga ta tsuke zuwa biyu, kuma ba ta sake kai huɗu ba har ƙarshen jeri. Amsa huɗu ce: daga buhu na uku zuwa na shida.

Ga yadda ake rubuta shi a Python:

```python
def mafi_tsawo(jeri, k):
    kirga = {}
    hagu = 0
    amsa = 0
    for dama, x in enumerate(jeri):
        kirga[x] = kirga.get(x, 0) + 1
        while len(kirga) > k:
            y = jeri[hagu]
            kirga[y] -= 1
            if kirga[y] == 0:
                del kirga[y]
            hagu += 1
        amsa = max(amsa, dama - hagu + 1)
    return amsa
```

Mai lura zai ga `while` a cikin `for`, ya yi zaton aikin ya koma ninkin-ba-ninkin. Ba haka ba ne. Kowane buhu sau ɗaya yake shiga tagar, kuma in zai fita sau ɗaya ne, domin gefen hagu ba ya komawa baya. Jerin 100,000 ba zai ci fiye da taku 200,000 ba. Teburin ma ba ya kumbura, nau'o'in da ke cikinsa ba sa wuce `k + 1`.

A ganina, asirin aikin duka yana cikin ƙidayar nan, kuma a wurinta sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Wasu sukan ce me zai sa a wahala da ƙirga, a yi amfani da `set` mana, wanda sunayen nau'o'i kawai yake riƙewa. Gwada shi a kan buhunanmu ka gani. Lokacin da masara ta shigo aka fitar da geron farko, `set` zai goge gero gaba ɗaya, ya ɗauka dawa da masara ne kaɗai suka rage, alhali ga buhun gero a tsakiyar taga. Idan aka bi shi har ƙarshe zai ba da amsa biyar, wato masara, masara, gero, wake, masara, zangon da ke ɗauke da nau'i uku ƙiri-ƙiri. Mugun abin shi ne manhajar ba ta yin ƙorafin komai, amsar ce kawai take zarce gaskiya. Alamarsa ke nan: amsa ta fi wadda aka samu da hannu, kuma matsalar kan fito ne inda nau'i ɗaya ya maimaitu a cikin taga.

Kuskure na biyu ya fi sauƙin kamawa, domin shi da hayaniya yake zuwa. Idan aka manta layin `del`, dawa za ta zauna a teburi da ƙidayar sifili, `len(kirga)` ba zai taɓa raguwa ba, hagu ya yi ta tafiya har ya wuce gefen dama ya iske wake, wanda bai shiga teburi ba tukuna, Python ta tsaya da `KeyError`. Yana da kyau kuma a gwada `k = 0`: duk abin da ya shiga nan take yake fita, amsa ta zama sifili, kamar yadda ya dace.

Saura tambaya ɗaya da bai kamata a tsallake ba. Me ya ba mu tabbacin cewa buhun da hagu ya bari a baya ba za a sake buƙatarsa ba? Dalilin shi ne, ƙara buhu a zango ba ya taɓa rage nau'o'insa. Tun da zangon da ya fara daga buhu na farko ya lalace a na huɗu, duk wanda ya fara daga nan ya zarce na huɗu lalatacce ne, ba sai an duba ba.

Wannan sharaɗi shi ne kuma iyakar dabarar. Canza tambayar zuwa zango mafi tsawo da jimillarsa ba ta wuce 5 ba, a jerin da ke da riba da faɗuwa: 4, 3, -6, 2. Tagar za ta ga 4 da 3 sun ba da 7, ta yar da 4, ta ƙare da tsawo uku. Amma jimillar jerin duka 3 ce, amsar gaskiya huɗu. Lambar da ke ƙasa da sifili ta gyara zangon da aka riga aka yanke wa hukunci, hagu kuma ya wuce, ba ya dawowa. Irin wannan tambaya sai an bi ta wata hanya, wadda ke farawa da tara jimillar jerin tun daga farkonsa zuwa kowane gurbi.