Shirya shaida a shari'ar da ba ta laifi ba

Shirya shaida shi ne zaman da lauya ko mai ƙara yake yi da mutumin da zai ba da shaida kafin ranar sauraron ƙara, domin a tantance abin da ya sani da kansa, kuma a sanar da shi yadda za a yi masa tambayoyi. A shari'ar bashi, gona, gida ko ciniki, yawancin shaidu talakawa ne: manoma, 'yan kasuwa da 'yan dako waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Shirya shaida ya bambanta da kitsa masa magana. Lauyan da ya koya wa shaida abin da bai gani ba ya saɓa wa ƙa'idar aikinsa, shaidar zur kuma laifi ce da doka ta tanadar wa hukunci.

Kotun da za a je

A ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, kamar sauran Jihar Zamfara, tsarin shaida iri biyu ne ke aiki. Babbar Kotun Jiha tana bin Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011. Kotunan Shari'ar Musulunci kuwa, waɗanda jihar ta kafa bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999, suna bin fiƙihun Malikiyya a irin waɗannan ƙararraki. Don haka abu na farko da mai shirya shaida zai tabbatar shi ne kotun da ƙarar take.

A kotun Shari'a ana duba shi kansa mai shaidar tun kafin a auna maganarsa. A da'awar dukiya ana neman maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Abokin shari'a yana da damar yin tajrihi, wato sukar shaidar. Ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko miji ga matarsa, ko ta abokin gaba a kan wanda yake gaba da shi, ko ta mai cin moriyar hukuncin. Kafin yanke hukunci alƙali yakan yi i'izari, ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran hujja. A Babbar Kotu ɗan'uwa yana iya ba da shaida, amma ana iya amfani da dangantakar wajen rage nauyin maganarsa.

Matakan tambayoyi

Sashe na 214 da na 215 na Dokar Shaida sun tsara matakai uku. Da farko lauyan da ya kira shaidar ne zai yi masa tambayoyi. Bisa sashe na 221, ba zai yi tambayar da ke ɗauke da amsarta ba sai da izinin kotu. Zai ce "Me ka gani a ranar?" maimakon "Ka ga an loda buhu 40, ko?" A manyan kotunan jihohi da dama, rubutaccen bayanin shaida da aka yi rantsuwa a kansa ne ke maye gurbin wannan mataki: shaida ya tsaya ya tabbatar cewa bayanin nasa ne. Ana rubuta shi da Turanci, saboda haka wanda ba ya karatun boko dole a karanta masa shi da Hausa kafin ya dangwala yatsa, a kuma rubuta cewa an yi hakan.

Mataki na biyu shi ne titsiyewa daga lauyan ɗaya ɓangaren, wanda doka ta ba shi damar yin tambaya mai ɗauke da amsa. Na uku, lauyan farko ya sake tambaya, amma a kan abin da ya taso a lokacin titsiyewa kawai, sai fa in kotu ta ba da izinin sabon batu.

Misali

A ɗauka wani falke ya kai ƙara yana cewa ya ba wani ɗan kasuwa buhu 40 na gero bashi a kasuwar Shinkafi, ba tare da takarda ba. Shaidarsa ɗan dako ne da ya yi lodin. A zaman farko ɗan dakon ya ce: "Buhu 40 ne, bashi ne, kuma har yau bai biya ba."

Aikin lauya shi ne ya rarraba wannan magana gida uku. Da aka bi ta a hankali, sai ta bayyana cewa ɗan dakon da kansa ya ɗora buhu 25, abokin aikinsa ne ya gaya masa adadin sauran. Ya ji da kunnensa ɗan kasuwar yana cewa zai biya bayan Babbar Salla. Zancen rashin biya kuwa daga bakin falken ya ji shi. Sashe na 126 ya ce shaidar baki ta kasance ta wanda ya gani ko ya ji da kansa, sashe na 38 kuma ya hana karɓar ji-ta-ji-ta sai a inda doka ta keɓe. Don haka bayaninsa zai tsaya ga buhu 25 da alƙawarin da ya ji. Sauran 15 sai an kira abokin aikin nasa.

Da an bar shi ya ce 40, tambaya ɗaya ta isa: "Kai ka ƙirga su duka?" Da zarar ya ce a'a, shakku ya shiga har cikin abin da ya gani da idonsa.

Sai batun lokaci. Ɗan dakon ya san abin ya faru ne da kaka, ranar kasuwa, amma bai san kwanan watan Bature ba. Daidai ne ya faɗi haka. Idan aka cusa masa kwanan wata ya haddace, ana iya duba kalanda a ga ranar ba ta faɗo ranar kasuwa ba.

Inda shaidu ke tuntuɓe

Babban tarko shi ne ladabi. Mutumin karkara ya saba cewa "haka ne, ranka ya daɗe" ga babba don girmamawa, alhali kotu za ta rubuta hakan a matsayin amincewa. Ana koya masa cewa "ban gani ba", "ban tuna ba" da "ba haka ba ne" amsoshi ne halattattu, kuma ba rashin kunya ba ne. Idan akwai tafinta, ya jira a gama fassara, ya nemi a maimaita abin da bai fahimta ba, ya amsa abin da aka tambaya kawai yana fuskantar alƙali.

Tarko na biyu shi ne saɓani da maganar baya. Sashe na 232 ya ba da damar titsiye shaida a kan abin da ya taɓa faɗa a rubuce, kamar bayanin da ya yi wa 'yan sanda. Ya kamata a karanta masa irin waɗannan tun da wuri. Mai littafin bashi yana iya duba abin da ya rubuta a lokacin cinikin don ya tuna, bisa sashe na 239, amma ɗaya ɓangaren ma yana da ikon ganin littafin.

Ana kuma shirya shaidu ɗaya bayan ɗaya. Sashe na 212 ya ba kotu ikon fitar da shaidu waje har a kira su, kuma shaidu biyu masu magana da kalmomi iri ɗaya alama ce ta kitsi. Idan aka tambaye shi ko ya zauna da lauya, ko an biya masa kuɗin mota, ya faɗi gaskiya, domin babu laifi a cikinsu.

A wannan yanki akwai ƙarin matsala: hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da yawa, shaidu sun yi ƙaura zuwa garuruwa. Saboda haka lauyoyi kan nemi sanin inda shaida yake zaune yanzu, su nemi sammacin kotu da wuri ga wanda ba zai zo da kansa ba.