Gargaɗi ga iyaye a Malam Madori: Ciwon cikin safiyar makaranta ba ƙarya ba ne

Iyaye maza da mata na Malam Madori da ƙauyukanta, idan kuna da yaro ɗan firamare da yake riƙe ciki yana kuka duk safiyar da za a tafi makaranta, ku dakata kafin ku ɗauki bulala, ku kuma dakata kafin ku aika kemis. A yara da yawa wannan ciwo fargaba ce ta sauka a ciki. Duka yana ƙara ta, maganin kemis ba ya taɓa ta, barin yaro a gida kuma yana sa ta yi jijiya.

Ku fara da tabbatar da cewa ba cutar jiki ba ce. A nan yankin fadamar kogin Haɗejia tsutsar ciki da tsargiya da taifot da zazzaɓin cizon sauro ba baƙi ba ne, musamman ga yaran da ke wanka a kududdufi da ruwan gonar shinkafa. Ku kai yaro asibiti a ranar, ba jira, idan akwai zazzaɓi, ko amai mai yawa, ko amai kore, ko jini a bayan gida ko a fitsari, ko ciki ya kumbura ya yi tauri. Haka nan idan ciwon yana tashinsa daga barci, ko ya tare a gefe guda, musamman ƙasan cibiya ta hannun dama, ko yaron yana ramewa. Mai sikila kuwa kowane ciwon cikinsa na asibiti ne. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ciwon da ya yi ta dawowa ya cancanci a gwada bayan gida da fitsari da jini, a asibitin da ke kusa da ku ko a Babban Asibitin Haɗejia.

Idan gwaji ya fito ba a ga komai ba, kada ku ce kun kama maƙaryaci. Ciki da ƙwaƙwalwa a haɗe suke da jijiyoyi. Tsoro na kama mutum sai zuciya ta hau bugawa, hanji ya murɗa, tashin zuciya ya zo, wani har da gudawa. Babba yakan ce gabansa na faɗuwa. Yaro ɗan shekara 6 bai san sunan abin da yake ji ba, sai ya nuna cibiya ya ce cikinsa. Tun a 1958 wani likitan yara a Bristol ta Ingila, John Apley, ya bincika 'yan makaranta 1,000, ya tarar kusan ɗaya cikin goma na fama da ciwon ciki mai dawowa, kuma a mafi yawan irin waɗannan yara ba a samun wata cutar jiki.

Babbar alamar ita ce lokaci. Ku yi mako biyu kuna lura da ranar da ciwon ya zo, da ƙarfe nawa ya fara, da yaushe ya tafi. Mu a nan muna da ma'auni a hannu: boko na hutu Asabar da Lahadi, makarantun allo da Islamiyya da yawa kuma Alhamis da Juma'a. Tsutsar ciki ba ta san ranakun mako ba. Ciwon da yake hutawa ranar hutu ya riga ya nuna muku inda tsoron yake.

A ɗauki misalin yarinya 'yar aji biyu. Daga Litinin zuwa Juma'a ciwon kan fara da zarar an miƙo mata kayan makaranta, ta ƙi kunu, ta yi ta zaryar banɗaki. Duk ranar da aka bar ta a gida, kafin hantsi ta ware tana wasa. Asabar garau take, kuma tana tafiya Islamiyya da yamma ba gardama. Daren Lahadi sai ta kasa barci, ta manne wa uwarta. Wannan ya nuna matsalar tana boko. Da uwar ta zauna da ita da yamma suna tsince shinkafa, ba ta ce mata "me ya sa ba kya son makaranta?" ba. Sai ta ce, "Wane lokaci ne ya fi miki wuya, hanya, ko taron safe, ko aji, ko lokacin tara?" Nan yarinyar ta faɗa cewa yayyenta ne ke makarar da ita, ana tsare su a ƙofa a yi musu bulala. Aka fara fita da ita da wuri, uban ya je ya ga malamin ajin, ciwon ya yi ta raguwa.

Ba kullum bulala ba ce. Wani yaron cin zalin manyan ɗalibai yake tsoro, ko masu ƙwace masa kuɗin tara. Wani bai iya karatu ba, yana fargabar a tashe shi a gaban aji a yi masa dariya. Wani kuma ba makarantar yake tsoro ba, rabuwa da uwarsa ce: sai ka ji yana tambaya ko za ta mutu, ko zai dawo ya tarar da ita. Wannan ya fi fitowa bayan rasuwa, ko mutuwar aure, ko haihuwar ƙane, ko tashi daga gida, irin wanda ambaliyar 2022 ta jawo wa iyalai da dama a masarautar Haɗejia. Ku lura da fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina, da mugun mafarki, da yawan kuka. Idan kuma mutum ɗaya yaron yake tsoro, ko hanya ɗaya yake ƙin bi, ku bincika a ranar, domin yana iya yiwuwa ana taɓa shi ta hanyar da bai iya faɗa ba. Kada a sake haɗa shi da wannan mutum sai an gano gaskiya.

Idan makarantar ba ta da haɗari a gare shi, to ya koma, kuma da wuri. Duk ranar da ya zauna a gida, ciwon kan lafa nan take, shi kuwa sai ya koyi cewa gudu ne magani, washegari tsoron ya fi na jiya. Ku ce masa, "Na san cikinka na ciwo, likita ya duba ba cuta ba ce, zan raka ka." Ya ɗan karya, ya ja numfashi a hankali sau biyar, a raka shi, a yi sallama gajera, kada a sulale a gudu. In ya kasa yini, ya fara da darasi ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa. Ku roƙi malamin ajin ya tarbe shi a ƙofa. Ku yi masa addu'a, amma kada a ce a gabansa aljanu ne ko maita, don wannan tsoro ne a kan tsoro. Kada a riƙa ɗura masa jar kanwa ko filajil ko maganin olsa ba da umarnin ma'aikacin lafiya ba, balle ƙwayar barci.

Idan an kai mako huɗu ana haka babu sauƙi, ko yaro ya daina zuwa gaba ɗaya, ko ya daina ci da wasa, ku koma asibiti ku faɗa wa likita ƙarara cewa kuna zargin damuwa, ku nuna masa ranakun da kuka lura da su. Yana iya tura ku wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Wanda ya karanta wannan ya isar wa maƙwabta da malaman 'ya'yansa.